Yadda na kai wa ƙungiyar manoma tallar irin masara mai jure fari

Sana'ata sayar da iri ce da maganin feshi, kuma duk wanda yake wannan harkar ya san tallar iri ga mutum ɗaya daban, tallarsa ga ƙungiya daban. Mutum ɗaya in ya saya bai ji daɗi ba shi kaɗai ne zai daina zuwa shagonka, amma ƙungiya in suka juya maka baya to ƙauyen gaba ɗaya ka rasa har da na maƙwabta, don labari ranar kasuwa yake yawo. Shi ya sa da shugaban wata ƙungiyar manoma a yankin Gwarzo ya ce in zo in yi musu bayanin masarar nan da ake cewa tana jure fari, na zauna na tsara abin da zan faɗa da kuma abin da ba zan taɓa faɗa ba ko da kuwa cinikin zai wuce ni.

Irin da na je da shi SAMMAZ 27 ne, wanda malaman gona da yawa suka fi sani da EVDT, farar masara ce mai saurin nuna, kwana 90 zuwa 95, an fitar da ita ta hannun cibiyar binciken noma ta IAR Samaru Zariya tare da IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, kuma bayan jure fari tana da juriyar wuta-wuta, wadda wasu ke ce wa ƙuduji. Na ɗauki ledoji masu kilo bibbiyu, da igiya mai ƙulli, da wasu goyon masara guda biyu busassu da na ajiye tun kakar da ta wuce, ɗaya cike da ƙwaya har baki ɗayan kuma ƙwaya jefi-jefi totuwa duk a waje. Waɗannan biyun su suka yi min rabin aikin.

Bayan la'asar aka zauna a ƙofar gidan shugaba, ana gama gaisawa kafin ma in buɗe jaka wani dattijo ya ce, "Ɗan nan, kafin ka fara, mu dai mun sha jin irin wannan, ka gaya mana gaskiya, wannan masarar in ruwa ya ɗauke wata guda za ta yi?" Na ce, "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, in ya ɗauke wata guda cur a ƙasa mai yashi ba za ta yi ba, kuma duk wanda ya ce maka za ta yi to kuɗinka yake so." Wurin ya yi tsit, shugaban ma sai da ya kalle ni don shi ya gayyato ni. Amma daga nan aka fara saurarona da gaske, don abin da mutanen nan suka gaji da shi shi ne alkawarin da ba ya cika.

Sai na ɗaga goyon nan mai ƙwaya jefi-jefi na ce wa ya taɓa samun irin wannan a gonarsa, kusan kowa ya ce shi. Na ce to me ya jawo? Wasu suka ce rashin taki, wasu suka ce iri ne mara kyau, wani ya ce ruwa ne ya tsaya. Na ce na ƙarshen ya fi kusa, amma ba kowace tsayawar ruwa ba ce take yin wannan ɓarnar, akwai lokacinta. Masara tana ƙarama, sati biyu ko uku da shuka, in ruwa ya ɗauke kwana goma za ka ga ganye ya nannaɗe da rana ta yi yaushi, amma ruwa na dawowa ta miƙe ta ci gaba, asarar ba ta da yawa in dai ba ta mutu ba. Inda ake karya manomi shi ne lokacin da ta fitar da kai a sama za ta fara goyo, kamar sati biyu kafin nan da sati biyu bayan nan. Wancan kan na sama shi yake zubo da garin nan mai ruwan ɗorawa da ke manne maka a riga in ka ratsa gona da safe, shi kuma gemun da ke fitowa a bakin goyo kowane sili ɗaya ƙwaya ɗaya yake wakilta, sai garin ya sauka a kan silin sannan ƙwayar za ta samu. To matsalar ita ce in ƙasa ta bushe, kan na sama ba ya jira, zai fito ya zubar da garinsa cikin kamar mako guda ya gama, shi kuma gemun sai ya maƙale ya ƙi fitowa don shi ruwa yake buƙata sosai kafin ya miƙe, kafin ya leƙo gari ya ƙare. Sai ka ga kara ya yi tsawo, ganye shar bayan ruwa ya dawo, goyo ma ga shi nan, amma ka ɓare ka tarar da totuwa. Na miƙa musu goyon yana zagayawa hannu zuwa hannu, wani yana lissafa ƙwayoyin da babban yatsa yana girgiza kai.

Abin da masu bincike suka yi, na ce musu, shi ne sun riƙa shuka masara iri-iri da rani inda ruwa yake hannunsu, IITA tana yin haka a tasharta ta Ikenne da ke jihar Ogun, sai su datse ban ruwa daidai lokacin da za ta shiga fure da gangan, su duba waɗanda gemunsu ya fito kusan tare da kan na sama duk da ƙishirwar, su zaɓe su su sake haɗa su, shekara da shekaru ana tacewa. Ma'anar jure fari kenan a masara, gemu ba ya makara sosai, goyo yana kama ƙwaya a shekarar da ta gargajiya za ta ba ka totuwa. Ba wai tana rayuwa babu ruwa ba ne.

Abu na biyu da na tsaya a kansa sosai shi ne kwanaki, don a yankinmu nan ne ribar ta fi fitowa fili. Na ce mu ɗauka ruwa ya zauna mun yi shuka 15 ga watan Yuni. Wannan irin zai fitar da kai wajen kwana 50 da ɗoriya, wato farkon Agusta, lokacin da ruwa ya fi sauka a ƙasar Kano a yawancin shekaru, ya nuna tsakiyar Satumba. Doguwar masara mai kwana 120 da aka shuka rana ɗaya da ita sai wajen tsakiyar Oktoba za ta kammala, alhali mu nan ruwa yakan fara janyewa ƙarshen Satumba, kenan tana tsaka da cika ƙwaya ƙasa za ta bushe mata, shi ne kake samun ƙwaya shafal ba nauyi, buhu ya cika amma a sikeli ba komai. Kun ga wannan irin yana taimako ta hanya biyu, yana jurewa in ruwa ya tsaya a tsakiya, kuma yana gamawa kafin ruwa ya tafi a ƙarshe.

Sakataren ƙungiyar, matashi ne mai rubuta komai a littafi, ya ce, "Malam, to in haka ne me zai sa wani ya sake shuka doguwa?" Na ce saboda a shekarar da ruwa ya wadata har Oktoba doguwar za ta fi wannan auki, musamman haibirid mai aure in ta samu taki yadda take so, don ta fi daɗewa a gona tana tara abinci. Wanda gonarsa ke da laka mai riƙe danshi ko gefen fadama, kuma yana da ƙarfin taki, ban ce ya watsar da doguwarsa ba. Amma wanda gonarsa jigawa ce, ko ya makara da shuka har Yuli ta kama, ko shukar farko ta ƙone yana son ya sake, wannan shi ne nasa. Na lura wannan amsar ta kwantar musu da hankali fiye da duk wani yabo da zan yi wa irin.

Daga nan aka shiga maganar da na san sai an yi, wato ajiye iri. Wata Hajiya daga ɓangaren mata ta aiko da tambaya ta bakin shugabarsu, ta ce su suna ajiye iri a rataye a ɗakin girki, shin wannan ma sai an saya duk shekara? Na ce a'a Hajiya, wannan ba mai aure ba ce, za a iya ɗiban iri daga gona a sake shukawa shekara biyu zuwa uku kafin a sabunta, amma da sharaɗi, don masara iska ce take ɗaukar garinta daga gona zuwa gona, in maƙwabcinki ya shuka wata daban kuma suka yi fure tare to sun gauraya. Saboda haka a ɗebi iri daga tsakiyar gona ba gefe ba, a zaɓi goyo masu cika daga karan da suka tsaya lafiya, kuma a ɗeba da yawa daga wurare daban-daban kar a ce goyo biyar manya sun isa. In kika fara ganin jajayen ƙwayoyi ko masu ruwan ɗorawa a cikin farar, ko gona ta daina nuna tare wasu sun bushe wasu ɗanyu, to irin ya gauraya lokacin sabuntawa ya yi. Ita kuwa mai aure duk shekara sabo ake saya, in aka maimaita amfanin yana faɗuwa sosai. Na san wannan maganar tana rage min ciniki na baɗi, amma ko ban faɗa ba za su gano da kansu, gara su ji daga bakina.

Wani kuma ya tambaya ko ita ce masarar nan da ake ta cece-kuce a rediyo. Na ce waccan TELA ce da aka amince da fitar da ita a 2024, lambobinta SAMMAZ 72T zuwa 75T, ita ce aka yi wa gyaran ƙwayar halitta don ta kare kanta daga tsutsa, wannan da ke hannuna kuwa ta hanyar zaɓe da haɗi aka samar da ita. Kuma na ƙara musu da cewa tunda haka ne tsutsar nan da ta shigo mana tun 2016 mai cin ƙoƙon masara za ta ci wannan kamar yadda take cin kowacce, dole a riƙa leƙa cikin ƙoƙon da sassafe tun tana sati biyu, in aka ga ganye da ƙananan huji da kashin tsutsa kamar dussa a yi feshi da yamma ko da sanyin safiya tun tsutsar tana ƙarama.

To sai batun ciniki. Shugaba ya ce su in sun gamsu za su iya haɗa kuɗi su ɗauki na gonakinsu gaba ɗaya in zan yi musu ragi. Wallahi ciniki ne mai kyau, amma na ce ranka ya daɗe bana kar kowa ya juye gonarsa duka, kowa ya ɗauki leda ɗaya mai kilo 2 ya gwada kusa da irin da ya saba. Ga lissafin da na yi musu a ƙasa da tsinke. Hekta ɗaya tana cin kamar kilo 20, kenan kilo 2 zai shuka kashi ɗaya cikin goma na hekta, fili mai faɗin mita 20 da tsawon mita 50, wajen kunya 26 in an bar santimita 75 tsakanin kunya da kunya. A kan kunya rami da rami santimita 40, ƙwaya biyu a kowane rami, zurfin kamar gaɓar yatsa biyu zuwa uku. Nan na fito da igiyar mai ƙulli muka ja ta a kan kunyar wata gona da ke bayan gidan, kowa ya ga yadda tazarar take da idonsa, don yawancinsu taku guda suke yi tsakanin rami da rami su zuba ƙwaya huɗu ko biyar, sai tsirrai su cunkushe a rami ɗaya suna ƙwacen ruwa alhali ga fili a tsakani ba komai. Masara mai saurin nuna karanta gajere ne, ba ta cika fili da girma, da yawan tsirrai take biyan manomi, in ka ba ta tazarar doguwa ka yi asarar ƙasa.

Taki kuma na gaya musu a fili, jure fari ba jure yunwa ba ne. Shawarar da aka saba bayarwa ga hekta ita ce buhu 8 na kamfa NPK 15:15:15 da kamar buhu biyu da rabi na yuriya, kenan wannan ɗan filin gwajin zai ci kilo 40 na kamfa, buhu ɗaya ba kaɗan, da kilo 13 na yuriya. Na san ba kowa ke da ƙarfin wannan ba a tsadar yanzu, shi ya sa na ce wanda ba zai iya ba ya zuba takin gida sosai kafin huɗa ya sa rabin na zamani, amma lokacin sawa kar a taɓa shi. Kamfa cikin kwana 10 zuwa 14 da shuka, yuriya a sati na huɗu zuwa na biyar, a tona ɗan rami gefen tsiro a zuba a rufe, kuma sai ƙasa da danshi. Wannan masarar sauri take, wanda ya saba jira sai sati shida ko bakwai ya sa yuriya kamar yadda yake yi wa doguwa zai tarar ta riga ta yanke shawarar girman goyonta. Kuma in ruwa ya tsaya kar a watsa yuriya a busasshiyar ƙasa, iska za ta tafi da ita ko ta ƙona saiwa, a jira ruwa.

Sharaɗin gwajin da na fi nanatawa shi ne adalci, a shuka su rana ɗaya, ƙasa iri ɗaya, taki ɗaya, noma ɗaya. Don akwai mai kai sabon iri can ƙarshen gona inda wuta-wuta ta cinye ya ce bari mu ga ƙarfinsa, akwai kuma mai ba shi wajen da shanu suka kwana ya dawo yana yabon abin da ba iri ne ya yi ba. Duka biyun ba su koya maka komai.

Kafin a tashi na nuna musu tambarin hukumar kula da iri ta ƙasa, NASC, a jikin ledar, da wurin da ake kankarewa a tura lambar ta waya a tabbatar irin na gaske ne, don akwai masu sayen masarar ci a kasuwa su rina ta da jan kala su ɗura a leda. Na ce kuma ko daga hannuna kuka saya ku gwada, a ƙirga ƙwaya 100 a jera a jiƙaƙƙen buhun algarara ko a yashi mai danshi a inuwa, bayan mako a ƙirga waɗanda suka tsiro, in sun kai 90 lafiya lau, in sun gaza 80 a dawo min da kayana in mayar da kuɗi. Sakatare ya rubuta wannan a littafinsa ya karanto min na ce e haka na faɗa. Na kuma roƙi matan su kula, jan da ke jikin irin magani ne mai guba, kar a bari yara su taɓa, kar a ba kaji ragowar, kar a wanke a ce za a kai niƙa.

Da damina ta yi nisa ruwa ya ɗan tsaya daidai lokacin da masarar ke shirin goyo, na koma muka zaga gonakin da su. Abin da na ce su duba ba koren ganye ba ne, don daga nesa duk kusan ɗaya suke. Na ce kowa ya bi kunya ɗaya ya ƙirga tsirrai 20 da suka fitar da kai, ya ga nawa ne gemunsu ya fito, sannan ya yi haka a ɓangaren tsohon irinsa. A gonakin da aka bi tazara aka sa taki a kan lokaci bambancin ya fito, gemu ya leƙo a yawancin sabon irin. A gonar wani da bai sa yuriya ba sai da ta fara fitar da kai, ganyen ƙasa duk sun yi rawaya daga tsini zuwa tsakiya, wannan alamar yunwa ce ba ƙishirwa ba, kuma na gaya masa haka a gaban mutane cikin ladabi don kar a ɗora wa irin laifin da ba nasa ba. Wata gonar kuma mai yashi sosai ganye a nannaɗe yake tun da hantsi kafin rana ta yi zafi, wannan ita ce alamar cewa ƙishirwar ta wuce abin da iri zai iya, mai gonar bai samu abin kirki ba a ɓangarorin biyu, na ce masa wannan filin gero ko wake ya fi dacewa da shi.

Abin da ya fi ba su wahala a ƙarshe ba fari ba ne, nunar da wuri ce. Masarar da ta riga ta kowa nuna ita tsuntsaye ke fara sauka a kai, ita masu wucewa ke karya don gashi, kuma tana bushewa a tsakiyar Satumba sama ba ta gama zubar da ruwa ba. Wanda ya karya ya tara a ɗaki da ɗanyenta sai ta fara fumfuna, kuma masara mai fumfuna illa ce ga mutum da dabba, 'yan kasuwa ma karya mata farashi suke. Waɗanda suka ɓare bawon suka shanya a kan tamfol ko siminti suna kwashewa in hadari ya taso, har sai ƙwaya ta yi ƙaras in an ciza kafin a zuba a buhu, su ne suka ci moriyar fitowa kasuwa da wuri lokacin da tsohuwar masara ta yi ƙaranci. Yanzu duk ƙungiyar da zan je wa da wannan irin tun a zaman farko nake tambaya wa yake da tamfol da wurin shanya, kuma ina ba su shawara masu gwajin su haɗa filayensu kusa da juna su shuka a mako ɗaya, gadin ya zo musu da sauƙi, irin da za su ɗiba daga tsakiya ma ya fi tsabta.